Zangon Kumasi: Yadda Mai Talla Ɗaya Ke Riƙe Shaguna Biyar A Waya Ba Tare Da Ya Cakuɗa Su Ba

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa saukar da kaya a Kumasi ya san Alabar da Aboabo da Asawase da Sabon Zango, ya kuma san cewa ciniki a waɗannan unguwanni tun asali da baki ake yin sa. Fataken goro na zamanin Gwanja da Salaga ba su da allon talla, sai dillali da mai masauki, su ne ke shaida wa baƙo wane ne ke da kaya mai kyau, wane ne kuma ba a ba shi bashi. Yanzu wani kaso mai yawa na wannan aiki ya koma cikin wayar salula. Tun da kamfanin MTN ya fara hidimar aika kuɗi ta waya a Gana a shekarar 2009, aka kuma fito da WhatsApp Business a 2018, mai saye a Bawku ko Jibiya zai iya ganin kaya, ya yi tayi, ba tare da ya taka tashar mota ba.

To sai dai mai shago ba shi da lokacin ɗaukar hoto da rubuta bayani kullum. Wannan ne ya sa ake samun matasa, mutum biyu ko uku, su haɗu su karɓi aikin tallan shaguna da dama a lokaci guda, ana biyansu wata-wata. A nan ne matsala ke kunno kai, domin kuwa wanda ke yi wa shago ɗaya talla zai iya tashi da safe ya yi tunanin abin da zai saka, amma wanda ke riƙe da shaguna biyar in ya ce haka zai yi, kafin sati uku zai ga yana maimaita hoto ɗaya, ko kuma ya wayi gari duk shagunan suna magana da murya iri ɗaya kamar uwa ɗaya ta haife su.

Maganin da masu wannan sana'a kan dogara da shi shi ne tsarin ginshiƙan talla. Ma'anarsa ba ta da wuya. Ana zaɓar batutuwa uku ko huɗu tun da farko, a ce duk abin da za a saka da sunan shagon nan dole ya faɗa ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu. Kamar turke ne a kasuwar dabbobi: kowace dabba da inda ake ɗaure ta, wadda kuma ba ta da turke ba a shigo da ita fili.

Ginshiƙai huɗu, rabo daban-daban

Bari mu ɗauki misali domin abin ya fito fili, kuma alƙaluman da za su biyo baya na kwatance ne. A ce wasu matasa biyu a Aboabo sun karɓi shaguna biyar: mai goro, tela, mai sayar da wake da shinkafa irin wanda mutanen Gana ke kira waace, mai kayan waya, da mai maganin gargajiya. Sun yi alkawarin saka abu huɗu a kowane mako ga kowane shago. Ke nan guda 16 a mako huɗu ga shago ɗaya, guda 80 ga shagunan biyar. Mutum biyu ba za su iya ƙirƙiro sabon tunani sau 80 a wata ba, amma za su iya cike gurabe 80 idan an riga an san abin da ke shiga kowane gurbi.

Ginshiƙi na farko shi ne kaya da farashi, wato abin da ke ƙasa yau da kuɗinsa da yadda za a same shi. Na biyu shi ne sanin kaya, inda mai shago ke koya wa jama'a yadda ake bambance mai kyau da marar kyau. Na uku shi ne shaida, wato abin da zai nuna cewa wani ya saya ya kuma gamsu, ko kayan sun isa inda aka aika su. Na huɗu shi ne shago da mutanensa, yadda ake aikin da hannun da ke yin sa.

Sunayen ginshiƙan iri ɗaya ne ga dukkan shagunan, kuma da gangan ake yin haka domin aikin ofis ya yi sauƙi. Abin da ke bambanta shi ne rabo da kuma abin da ake zubawa a ciki. Mai goro, alal misali, cikin 16 ɗinsa za a ba kaya da farashi 7, sanin kaya 5, shaida 3, shago 1. Tela kuwa farashinsa ba ya sauyawa kowane mako, abin da ke kawo masa aiki shi ne a ga ɗinkinsa a jikin mutum, don haka sai a ba shaida 6, kaya 4, shago 4, sanin kaya 2. Ita mai waace abincinta na yau ne, ba wanda zai zauna a koya masa yadda ake cin sa, saboda haka rabin nata, wato 8, zai tafi ga abin da aka dafa da lokacin da aka sauke tukunya, 4 ga tsabtar wurin da masu aikin, 3 ga shaida, 1 kacal ga sanin kaya.

Idan mai talla ya kawo maka rabo iri ɗaya da wanda ya ba maƙwabcinka alhali sana'arku ba ɗaya ba ce, to bai zauna ya saurare ka ba. Rabon nan daga bakin mai shago yake fitowa. Ana zama da shi kamar awa ɗaya, a tambaye shi tambayoyi goma da masu saye suka fi yi masa, da abin da ke sa ciniki ya watse bayan an fara, da kayan da ya fi samun riba a kai. Amsoshin su ne za a rarraba cikin ginshiƙan. Tambayar da ake yi masa kullum ta zama darasi a ginshiƙi na biyu, tsoron da ke hana mutane biya kafin su ga kaya kuma shi ne aikin ginshiƙi na uku.

Watan mai goro

Na zaɓi in tsaya a kan mai goro domin shi ne ya fi kusa da yawancin masu karanta wannan shafi, kuma a wurinsa ne ginshiƙi na biyu ke nuna amfaninsa sosai. Ƙaramin mai talla yakan ɗauka aikinsa shi ne ya ɗauki hoton huhu ya rubuta "kaya sun iso". Duk masu goro haka suke cewa. Abin da zai raba wannan shago da sauran shi ne ilimin da ke kan mai shi, wanda ya shekara ashirin yana tsince goro.

Guda biyar na sanin kaya za su iya kasancewa haka: bidiyon minti ɗaya yana ɓare goro yana nuna alamar sankara tun kafin ta ci ciki, wani yana bayanin bambancin sabon goro da daushe da dalilin da ya sa kuɗinsu ba ɗaya ba, wani kan yadda ake jera goro da ganye a huhu da sau nawa ya kamata a buɗe a tsince wanda ya fara lalacewa, wani kan abin da zafin mota ke yi wa kaya a doguwar hanya zuwa arewa, na biyar kan zaɓen fari da ja da manyan goriya ga mai sayen goron ɗaurin aure ko na suna. Duka biyar ɗin a zama ɗaya za a ɗauka, da safe kafin kasuwa ta cika, a inuwa mai haske domin launin goron ya fito yadda yake.

Wasu 'yan kasuwa sukan ƙi wannan, su ce ai sirrin sana'a ne. Ni dai a ganina wannan tsoro ba shi da tushe mai ƙarfi. Abokin hamayyarka ya riga ya san sankara, wanda bai sani ba shi ne mai saye, kuma mai sayen da ka koya wa gane kaya yakan dawo wurin wanda ya koya masa. Sirrin da ya cancanci ɓoyewa shi ne ƙauyen da kake saro kaya da farashin da aka bar maka, waɗannan kuwa ba su da gurbi a kowane ginshiƙi.

Guda uku na shaida su ne hoton kaya ana lodi da alamar mai su a jikin buhu, da saƙon murya na wanda kaya suka isa hannunsa, da makamantansu. A nan akwai ƙa'ida da bai kamata a yi wasa da ita ba. Ba a saka muryar mutum ko fuskarsa ko hoton rasit mai ɗauke da lambar wayarsa sai da izininsa. Gana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, amma ko ba doka, babu ɗan kasuwar da ke son duniya ta san yawan kayan da ya saro da ranar da motarsa ta kama hanya. Mai hankali yakan jinkirta saka hoton lodi sai kaya sun sauka lafiya.

Guda bakwai na farashi kuwa su ne masu wuyar sha'ani, kuma su ne ke kawo mu ga rabuwa ta biyu da ke cikin tsarin.

Mai lalacewa da mai ajiyuwa

Kamar yadda kayan gwari suka bambanta da hatsi, haka tallace-tallace suke. Darasin gane sankara zai yi shekara yana da amfani, ana iya shirya shi tun farkon wata a ajiye. Manhajar Meta Business Suite tana ba da damar a tsara abin da zai fita a Facebook da Instagram a sa masa rana da lokaci, ya fita da kansa. Farashi ba haka yake ba. Waɗanda suka yi kasuwanci a Gana a 2022 ba za su manta ba, shekarar da darajar sidi ta yi ta faɗuwa, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Farashin da aka rubuta ranar Litinin yakan zama ƙarya kafin Alhamis. Ga mai cinikin kan iyaka abin ya ninka, tunda da sidi da sefa da naira yake lissafi.

Saboda haka a cikin guraben mai goro 16, guda 9 ne kawai ake shiryawa gaba ɗaya tun da wuri. Sauran 7 ana shirya musu hoto ne a bar wurin farashi a buɗe, sai safiyar ranar a kira mai shago ya faɗa da bakinsa, a rubuta da kwanan wata a jikin hoton. Wurin da ya fi dacewa da su shi ne Status na WhatsApp, domin yana ɓacewa da kansa bayan awa 24. Farashin da aka bari a shafin Facebook ba kwanan wata kuwa, wata uku bayan haka wani zai ɗauko shi ya zo shago yana rantsuwa cewa haka ya gani, kuma da gaskiyarsa.

Akwai kuma jerin aika saƙo ga mutane da yawa a WhatsApp, wanda ke ɗaukar lamba 256 a kowane jeri. Abin lura shi ne saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar shagon a wayarsa. Mai tallan da ya ce maka ya aika wa mutum ɗari biyar, tambaye shi nawa ne suka ajiye lambarka.

Takarda ɗaya ga kowa

Duk wannan tsari a takarda ɗaya yake zaune, ko a Google Sheets ko a babban littafin lissafi mai layi, ba bambanci. Kowane layi talla ɗaya ne, kuma yana ɗauke da rana, sunan shago, ginshiƙi, harshe, inda za a saka, ko mai shago ya amince, da adadin waɗanda suka tuntuɓa bayan ya fita. Amfanin haɗa shaguna biyar a takarda ɗaya shi ne a ga inda aiki ya taru. In ranar Litinin ta kasance dukkansu suna da farashi, ke nan kira biyar da gyaran hoto biyar kafin ƙarfe tara, to sai a rarraba.

Gurbin harshe ba ado ba ne a Kumasi. Mai waace tana sayar wa Asantawa da 'yan Zango, don haka tallanta na buƙatar Tuwi da Hausa. Mai goro da ke neman masu saye a Maraɗi da Birnin Ƙonni ya fi buƙatar muryar Hausa a kan rubutu, tunda da yawa daga cikin manyan 'yan kasuwa sun fi sauraron saƙo a kan karanta boko. Hausar ma sai an kula, domin akwai kalmomin Zango da mutumin Katsina zai ji su baƙi, musamman wajen awo da kuɗi. A kuma tuna agogon Gana yana bayan na Nijeriya da Nijar da awa ɗaya. Abin da aka saka ƙarfe takwas a Kumasi, tara ta yi a Illela, kuma wanda ke son kayansa su shiga lissafin masu zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, tun Litinin ko Talata ya kamata farashinsa ya fita.

Azumi da Sallah da Mauludi ba ginshiƙai ba ne, ko da yake wasu kan mayar da su haka. Su lokuta ne da ke sauya rabon. Tela shi ne babban misali. Tun kafin azumi ya kama ake ƙara masa tallan kaya domin a kawo ɗinki da wuri. Da ya ce aiki ya cika, sai a tsayar da wannan ginshiƙi cak, a koma nuna aikin da ake yi da wanda aka gama. Mai tallan da ya ci gaba da kiran mutane a goman ƙarshe, rigima ya saya wa tela ranar jajibere. Tunda watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, takardar bara ba ta yin aiki bana sai an gyara.

Inda ake tuntuɓe

Shago na biyar a misalinmu, wato mai maganin gargajiya, shi ne wanda zai iya jawo wa matasan nan fitina. A Gana, dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ba hukumar kula da abinci da magunguna ikon tantance tallan magani kafin ya fita, kuma maganin gargajiya na ciki. Akwai ma cututtukan da dokar ta hana a yi tallan cewa ana warkar da su. Ginshiƙin shaida, wanda ke yi wa tela da mai goro amfani, a nan haɗari ne, domin muryar wani yana cewa ya sha ya warke iƙirarin magani ce. Ya kamata a fara ganin takardar rajistar maganin da ta amincewar tallan kafin a karɓi aikin, in babu kuwa a haƙura da kuɗin.

Matsala ta biyu ita ce karɓar shaguna biyu masu sana'a ɗaya a unguwa ɗaya. Zango wuri ne da kowa ya san kowa, masu kallon Status ɗin wannan su ne masu kallon na wancan. Idan teloli biyu suka fito da darasi iri ɗaya a mako guda, kowannensu zai ce an sayar da shi. Ko dai a ƙi karɓar na biyu, ko a raba su a fili, wannan kayan maza da fugu, wancan kayan mata, kuma kowa ya san da zaman ɗan'uwansa.

Ta uku ita ce saka kayan wani a shafin wani, abin da ke faruwa idan waya ɗaya ce ke ɗauke da shafuka biyar kuma ana gaggawa. Ana rage wannan ne ta hanyar ba kowane shago launinsa da jakar hotunansa, sannan wanda ya shirya talla ba shi ne zai danna ya fita ba, sai abokinsa ya duba.

Ta huɗu ta shafi mai shago kai tsaye. Shafin da lambar WhatsApp ɗin dole su kasance da sunansa da layinsa, shi ne zai ba mai talla izinin shiga, ba akasin haka ba. Wanda ya bari aka buɗe masa shafi da layin wani, ranar da suka ɓata zai tarar masu sayensa na shekara biyu suna hannun wanda ya sallama. Lambobin manyan abokan ciniki kuma a rubuta su a littafi. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke kusan awa shida a duk duniya, wanda ke da lambobi a rubuce ne ya iya kiran mutanensa.

Yadda za a san ginshiƙin da ke aiki

Yawan waɗanda suka kalla ko suka danna alamar so ba shi ne ma'auni ba, domin ba ya biyan kuɗin haya. Abin ƙirgawa shi ne mutum nawa suka yi magana, nawa kuma suka saya. Hanya mai sauƙi ita ce yaron shago ya tambayi duk sabon mai kira abin da ya gani, ya ja layi a littafi ƙarƙashin ginshiƙin.

A ce a ƙarshen wata littafin mai goro ya nuna tallan farashi 7 sun kawo tambaya 21, darussa 5 sun kawo 20, shaida 3 sun kawo 9, na shago 1 ya kawo 1. Wanda ya dubi jimla zai ce farashi ne kan gaba. In aka raba kuwa, kowane tallan farashi ya kawo 3, kowane darasi 4, kowace shaida 3. Sai a ƙara dubawa, cikin masu tambayar su wa suka biya. Yana yiwuwa a tarar masu tambayar farashi da yawa dillalai ne masu jin yadda kasuwa take, alhali cikin mutum 9 na shaida an samu 4 da suka aiko da kuɗi. A irin wannan hali sai a cire gurbi ɗaya daga farashi a ƙara wa shaida, rabon ya koma 6, 5, 4, 1.

Gurbi ɗaya ake matsarwa a lokaci guda, kuma ba a yanke hukunci da lissafin wata ɗaya. Alƙaluman ƙaramin shago ƙanana ne, ɗaurin aure biyu a unguwa sun isa su karkatar da su, haka ma abin da ba shi da alaƙa da talla ko kaɗan. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma lokacin da aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, duk kyawun talla ba zai tsallakar da huhu ɗaya ba. Don haka akan jira wata uku kafin a taɓa rabon, sannan a rubuta a gefen takardar duk wani abu da ya faru a kasuwa a wannan lokaci. Lissafin ma ba cikakke ba ne, domin saƙon murya yakan bi hannu biyar kafin ya isa ga wanda zai saya, shi kuma in an tambaye shi inda ya ji, sai ya ce wani ɗan'uwansa ne a Bawku ya turo masa. Irin wannan akan buɗe masa layinsa daban a littafin, a kuma tambaye shi ko saƙon da aka turo na farashi ne ko na darasi.